Jiƙon Goggo da Ƙwayoyin Gwangwanina

Tun ina yarinya ba na yarda da abu da wuri. In aka ce mini ga ruwa mai kyau sai na ɗaga kofin na duba gindinsa. Inna kan ce da zato ana sayar da shi a kasuwar Gummi, da ni ce dillaliya. Na girma na zama malamar firamare, halin bai sake ni ba, sai ma ya samu takardar shaida. A gidanmu ni kaɗai na yi karatu mai nisa, don haka duk wanda kansa ya sara sai a ce a kira Malama. Ina da wani tsohon gwangwanin madara a kan kabad, cikinsa ragowar magunguna ne na duk wanda ya taɓa ciwo a gidan. Da shi nake taƙama, kuma ba wanda ya isa ya taɓa shi sai ni.

A shekarar da nake ba da labarinta, autarmu ta dawo gida wankan jego na haihuwar fari. Aure ya kai ta Zugu, can wajen Bukkuyum, mijinta ya kawo ta a kan babur tun cikin yana wata takwas, saboda hanya ba kullum take biyuwa ba. Ta sauka lafiya, ta samu 'ya mace, aka yi suna aka watse. Inna ta kama aikinta na tafasa ruwa safe da yamma da dama kunun kanwa.

Akwai wata tsohuwar Bafulatana da muke kira Goggo. Ba jininmu ba ce, ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata, rugarsu tana bayan gari. Kusan kullum da hantsi za ka ji sallamarta, ta sauke ƙwaryar nono a gindin darbejiyar tsakar gidanmu, su zauna da Inna suna tsokanar juna. Inna ta ce mata mai warin man shanu, ita kuma ta ce wa Inna Kaɗo ba ta san daɗin duniya ba. A hannunta muka girma. Amma lokacin gari ya riga ya canza. Ɓarayin daji sun sa kowa yana kallon kowa a kaikaice, in an ga mai ƙwarya ta shigo sai a fara ƙus-ƙus cewa su ne ke kai labarin gari daji. Ni ban taɓa faɗin haka da bakina ba, amma ina ji, kuma ban taɓa tsawatar wa mai faɗi ba.

Mako biyu da haihuwa nonon auta ya yi ƙaranci, jaririya tana ta tsala kuka. Goggo ta kawo jiƙon saiwoyi a gorar roba, ta ce yana kawo ruwan nono. Auta ta sha da safe ta sha da yamma. Washegari da hantsi tana zaune a kan tabarma, sai wani babur ya yi ƙarar salansa a ƙofar gida, tau, kamar an harba bindiga. Ta zabura, ta ce, "Yaya, gabana," sai ta sulale. Fuskarta ta yi fari fat, hannu ɗaya yana ɗan karkarwa. Kafin in ɗebo ruwa ta buɗe ido tana tambayar ina ɗiyarta.

Inna ta ce iska ce ta dawo. Auta ta taɓa faɗuwa sau biyu tana makaranta, duka lokacin da aka kaɗa ƙararrawa ba zato, aka yi mata rubutu da hayaƙi, shekaru suka wuce shiru. Ni kuwa ba na cikin masu ɗora wa aljanu komai. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Na fara da zargin mijinta, don ya taɓa aikin haƙar zinariya a wajen Sunke, kuma duk yankinmu ba wanda bai san abin da gubar dalma ta yi wa yara ba. Na kira shi na yi masa tambayoyi kamar alƙali, bawan Allah ya rantse ya bar aikin tun kafin aure. Da na ajiye waya sai idona ya faɗa kan gorar roba a bakin taga.

Bayan kwana biyu zazzaɓi ya rufe auta, ga tari, ga amai da gudawa. Nan Malama ta tashi aiki. Na tafi kemis ɗin bakin kasuwa na zayyana wa mai shagon ciwon, ya yi mini haɗi yadda aka saba: ya ɓallo wannan daga katinsa, ya ƙirgo wancan daga babbar roba, ya zuba su tsirara a 'yar farar leda, ya ce fari da ja safe da yamma, ƙaramin kuma in amai ya taso. Ba kwali, ba suna, ni ma ban tambaya ba, don a wajenmu da launi ake sanin magani. Da na dawo na ce wannan zazzaɓin ya yi kama da taifot, na buɗe gwangwanina na ƙara mata da wasu manyan ƙwayoyi da suka rage lokacin da na yi nawa taifot ɗin. Na ji daɗin kaina sosai ranar.

A rana ta uku da fara shan maganin ta faɗi sau biyu. Na biyun ma ba wata ƙara, tana miƙa hannu za ta ɗauki zane ne kawai. A ranar Goggo ta shigo, ta tsuguna kusa da ita ta daɗe tana kallonta, sannan ta juyo gare ni.

"Ɓingel, ɗiyata, ƙwayoyin ga da kike ba ta, ki dakata da su. Tun da kif fara, abin yaƙ ƙaru."

Raina ya ɓaci nan take. Na ce, "Goggo, maganin asibiti na. Ba saiwad daji ba ta."

"Awo, na ji. Amma ƙanwar uwakki haka tay yi. Tana jego, anka buga ƙyaure da ƙarhi, taf faɗi, ba ta tashi ba. Ina nan wurin, ni nir rihe mata ido."

Na san Inna ta yi ƙanwa da ta rasu kafin a haife ni, amma ba a taɓa gaya mini yadda ta rasu ba. Mai hankali da ya ji wannan sai ya tsaya ya yi tunani. Ni abin da na ji kawai shi ne: wancan karon ma tana wurin. Na ce a zuciyata biri ya yi kama da mutum. Me ya sa take son a daina magani, in ba tana tsoron ya karya abin da ta ba ta ba?

Na ɗauko gorar na dangwarar a gabanta. Na ce, "Mi ac ciki?" Ta lissafa mini sunayen itatuwa, rabi da Fulatanci. Na ce tun da ba zan iya tantancewa ba, kada ta ƙara kawo mana komai, ko nono, kuma ta huta da zuwa har sai yarinya ta warke. Inna ta ce, "Ke wagga, kina da hankali kuwa?" Inna ba ta kiran sunana saboda ni ce 'yar fari, amma ranar yadda ta ce "ke wagga" ya fi zagi. Goggo ta miƙe. Ta gyara mayafinta ta fita, ta bar ƙwaryar nonon da faifanta a gindin darbejiya. Gorar kuma na ɓoye ta a ɗakina a matsayin shaida.

Da a nan na tsaya da sauƙi. Washegari a makaranta abokan aiki suka tambaye ni jikin mai jego, na ce da sauƙi, sai dai tun da wata Bafulatana ta ba ta wani jiƙo take faɗuwa. Ban ce guba ba, Allah ya sani. Amma na faɗe shi da irin muryar da ba sai an ce guba ba. Na maimaita wa maƙwabta biyu da suka zo dubiya.

Na zauna ina jiran auta ta warware tun da an raba ta da jiƙo. Amai ya ƙi tsayawa, na ƙara mata ƙaramar ƙwayar nan. Haɗin farko ya ƙare na sake karɓo wani. Ta ce mini wani lokaci tana jin zuciyarta tana fat-fat kamar kaza a cikin buhu, sai duhu ya rufe mata ido. Na ce ragowar abin da aka ba ta ne yake fita.

Kwana shida da korar Goggo, bayan azahar, auta ta samu barci ya ɗauke ta. Wayarta tana kusa da kunnenta, mijinta ya kira. Ta zabura ta tashi zaune, ta koma ta faɗi, wannan karon ba ta buɗe ido ba. Leɓɓanta suka yi duhu, numfashinta ya koma wani irin gurnani jefi-jefi. Na yi ihun da ban san ina da shi ba. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, Allah ya sa ba ta wajen aiki. Ta shigo ba ko ɗankwali, ta jawo auta ƙasa, ta ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinta tana dannawa da ƙarfi. Ban san tsawon lokacin ba. Sai auta ta ja wani dogon numfashi ta fara tari.

A asibitin garinmu suka sa mata ruwa, suka tambayi abin da ta sha. Na ce farasitamol, sai wani jiƙo da wata ta ba ta, na fito da gorar. Ban ambaci leda ba, ban ambaci gwangwani ba. Na san halin ma'aikatan asibiti da faɗa in sun ji an je kemis, kuma a ganina maganin Bature ba ya cikin waɗanda ake tuhuma. Jami'in da ya duba ta ya ce wannan faɗuwar ba ta yi masa kama da farfaɗiya ba, ya fi zargin zuciya, a wuce da ita Sakkwato inda akwai na'urar da ke zana bugunta. Da asuba muka kama hanya, ni da Inna da jaririya da mijinta.

Likitar da ta karɓe mu a can mace ce, siririya, ba ta da yawan fara'a. Aka manna wa auta wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, na'ura ta fito da takarda mai zane-zane kamar haƙoran zarto. Likita ta sa biro tana ƙirga ƙananan gidajen da ke jikin takardar, ta sake ƙirgawa. Sai ta ɗago ta ce, "Wa ke kula da maganinta?"

Na ce ni ce, na miƙa mata gorar da hannu biyu.

Ta buɗe ta shinshina ta ajiye gefe. "Yaushe rabonta da wannan?"

"Kwana bakwai ko takwas."

"Kuma bayan ta daina abin ya fi tsanani. Sai me kuma?"

"Farasitamol."

Ta zuba mini ido. Ni da na saba kallon mutane da zargi, ranar na ji yadda abin yake a jiki. Ta juyo da takardar wajena ta ce tun da ni malama ce zan gane. Ta ce zuciya da lantarkinta take aiki, kuma bayan kowane bugu sai ta sake shiri kafin na gaba. Ta nuna mini wata tazara a zanen, daga inda suke kira Q zuwa inda suke kira T, ta ce wannan shi ne lokacin da bugu ke ɗauka har shirin ya kammala, kuma na ƙanwata ya yi tsawo fiye da kima. Ta ce in tuna mata biyu suna lugude a turmi ɗaya: in ɗaya tana jinkirin zare taɓaryarta, wata rana ta biyu za ta sauko a kanta, daka ya rikice. In wani bugu ya faɗo kafin zuciya ta gama shiri, sai ta kama wani irin gudu na hauka wanda ba ya tura jini, mutum ya faɗi. Sau da yawa takan koma daidai da kanta cikin daƙiƙoƙi, shi ya sa ake cewa suma ce ko iska. Ran da ba ta koma ba, mutum ya tafi ke nan.

Ta ce wasu da shi ake haifarsu, yana bin jini, kuma a wasu gidajen firgita da ƙarar ba-zata ke tayar da shi, musamman ga mace a watannin bayan haihuwa. Amai da gudawa suna zubar da wani gishirin jiki da ake kira fotashiyam, rashinsa yana ƙara tsawon tazarar, kuma gwajin jini ya nuna na auta ya yi ƙasa. Sannan akwai magunguna na yau da kullum, na zazzaɓin sauro da na kashe ƙwayoyin cuta da na amai, waɗanda mafi yawan mutane ke sha lafiya lau, amma ga mai irin wannan zuciyar suna ƙara ja, balle a haɗa biyu ko uku.

"Tsawon da nake gani ya fi ƙarfin farasitamol," in ji ta. "Ba faɗa zan yi miki ba. Amma yanzu zan rubuta mata magani, in kin ɓoye mini wani abu ina iya ɗora mata abin da zai kashe ta."

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Na buɗe jaka na fito da ledar, da ragowar katin manyan ƙwayoyin nan na gwangwanina. Katin yana da suna a baya, ta karanta ta ce sifiro ne, yana cikin magungunan da ke ƙara jan tazarar. Na ledar kuwa tsirara suke, ta ce ba za ta yi canki-canki da launi ba, in kira wanda ya haɗa. Na kira mai kemis. Da ya ji ina asibiti sai ya fara kame-kame, wai bai tuna ni ba, wai mutane da yawa ke zuwa. Tsammani yake ƙararsa zan kai. Sai da na rantse masa da Allah ba abin da zai same shi, rai ne a hannunmu, sannan ya faɗa: kulorokwin, eritiromaisin, da domferidon na amai. Ina maimaitawa likita tana rubutawa. Duka ukun suna cikinsu. Da nawa huɗu ke nan, kuma ni nake ba ta a baki in miƙa mata ruwa.

Na tambaye ta jiƙon fa. Ina jin har lokacin ina neman wanda zai kama mini kayan. Ta ce ba ta san abin da ke ciki ba, kuma ba za ta yarda a sake ba ta shi ba, haka ma kanwa a daina. Amma faɗuwar makaranta ba jiƙo, ta jiya ma ba jiƙo. Sai ta juya ga Inna ta tambaya ko a dangi akwai wanda ya taɓa mutuwar fuju'a yana da ƙuruciya. Inna ta ba ta labarin ƙanwarta da ƙyauren da aka buga, kusan kalma da kalma yadda Goggo ta faɗa. Ba ta kalle ni ba har ta gama.

Aka kwantar da auta a ɗakin da na'ura ke kallon zuciyarta ba dare ba rana. Aka tsayar da duk ƙwayoyin, aka sa mata maganiziyam da fotashiyam ta jijiya. Gwajin jini bai ma nuna zazzaɓin sauro ba. Bayan kwanaki tazarar ta ragu, amma ba ta dawo irin ta kowa ba, likita ta ce wannan ya ƙara nuna gado ne. Aka auna mu duka. Na Inna ya yi tsawo. Nawa ma haka, ni da na shanye rabin katin sifiron nan ina yawona, Allah ne kawai ya tsare. Jaririya aka ce a riƙa dawo da ita ana dubawa. Aka ɗora mu a kan furofaranolol, wanda ke hana firgita ta zaburar da zuciya, aka ce kullum ne, ba fashi, kuma bai hana shayarwa. Aka ba kowaccenmu takarda mai jerin magungunan da za mu guje wa, mu nuna ta duk inda za a ba mu magani. Zazzaɓi in ya zo a yi gwaji a yi maganinsa a asibiti, amai da gudawa kuma kada a zauna da su a gida. Auta ta mayar da kiran wayarta wani sanyin sauti da ko kyanwa ba zai tayar ba.

Ranar da muka dawo Gummi na juye gwangwanina a masai. Washegari na wanke ƙwaryar Goggo da faifanta, na sayi goro da turmin atamfa, na ce wa mai babur ya kai ni ruga. Ya ce, "Wace ruga, Malama? Ai sun tashi." Na ce ya kai ni dai.

Na tarar da da'irar bukkoki babu bukkoki, sai turakun maruƙa da busasshen kashin shanu. Wani manomi da ke gefen wurin ya ce tun kwanakin baya magana ta zagaye gari cewa tsohuwar ta sa wa mai jego guba. Aka daina sayen nononta, wasu matasa suka tare ta a bakin kasuwa suka zubar mata da ƙwarya, daga baya aka aika wa 'ya'yanta maza saƙon da ba a maimaitawa. Suka kaɗa shanunsu suka yi yamma, bai san ina ba. Ya ce, "An ce wata malama ta hwaɗi, ita ko mai ilimi ta, ba ta ƙarya." Bai san ni ce ba. Ban gaya masa ba, kuma wannan ma yana cikin abin da nake jin kunyarsa.

Na koma makaranta na faɗi gaskiya a gaban kowa, na bi gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya da takardar asibiti a hannu. Suka ce Allah sarki, Allah ya kyauta. Maganar farko ta tafi da ƙafarta har kasuwa, ta biyu kuwa a inda na faɗe ta nan ta zauna. Na sa cigiya wajen masu nono, kowacce ta kalle ni ta ce ba ta sani ba. Ban ga laifinsu ba, ko ni ce ba zan faɗa wa irina ba.

Auta tana nan da ranta, 'yarta har ta shiga aji ɗaya. Inna ba ta taɓa yi mini gori ba, ko sau ɗaya, na ma fi son ta yi. Ta karɓi ƙwaryar daga hannuna ta rataye a ɗakinta. Kullum da hantsi nakan kai mata ƙwayarta da ruwa a gindin darbejiya, in wata mai nono ta yi sallama a ƙofar gida sai ta tsaya da kofin a hannu, ta saurara har muryar ta wuce, sannan ta haɗiye maganin.